Kundin aiki: minti biyar, faranti biyu na kauɗa da naira dubu 616

Litinin, 13 ga Janairu

Yau aka liƙa sanarwar gasar sana'a ta ɗalibai a allon tsangayarmu. Sharuɗɗan ba su da yawa. Ƙungiya kada ta wuce mutum uku, mutum ɗaya ne zai yi magana, minti biyar cif, daga nan alƙalai su yi tambayoyi na minti uku. An yarda a yi da Hausa ko da Turanci. Kyauta mafi girma naira miliyan ɗaya ce, amma a ƙasan takardar an rubuta cewa kowace ƙungiya ta faɗi abin da take nema da bakinta. Zagayen farko ranar 20 ga Fabrairu ne, na ƙarshe bayan mako guda.

Mu uku ne: ni, da ƙawata da muke ɗaki ɗaya, da wani ɗan ajinmu da ya fi mu iya lissafi. Sana'ar tamu kauɗa ce, wato busasshen tumatir, amma ba irin wadda ake bazawa a ƙasa ba. Bara muka sa kafinta ya haɗa mana akwatin shanya na katako, mai farantan raga a ciki, an shafa wa gindinsa baƙin fenti, an rufe samansa da farar leda, an bar ƙofofin iska sama da ƙasa da raga a bakinsu saboda ƙuda. Kwando biyar muka shanya a watan Maris, ɗaya ya lalace, huɗu suka ba mu fakiti 120 na giram ɗari-ɗari. Muka ajiye sai da damina ta sauka tumatir ya yi tsada, muka sayar da su kaf a cikin mako uku.

Sun ce ni zan yi magana, wai don ni ce 'yar Kura. Na ce to. Zan riƙa rubuta abin da ake ciki a nan don kada mu manta dalilin da ya sa muka cire wani abu ko muka bar wani.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na gama rubutun farko. Kalma dubu ɗaya da ɗari. Na karanta wa ƙawata tana riƙe da agogon waya, minti tara da 'yan daƙiƙu. Ta ce kafin in gama gaishe da shugaban taro da manyan baƙi da iyayenmu malamai da 'yan'uwana ɗalibai, daƙiƙa hamsin sun tafi. Bayan gaisuwa na shiga tarihin madatsar Tiga da yadda ruwanta yake shayar da gonakin Kadawa, na kawo tsutsar da ta cinye tumatir a 2016, na kawo motocin da suke lodin kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Duk gaskiya ne, kuma ina son labarin. Amma da na kai ƙarshe sai ta ce, "To, me kika ce su ba mu?" Na duba takardar. Abin da na rubuta shi ne muna fatan za a dube mu da idon rahama a tallafa mana. Ko sisi ban ambata ba.

Talata, 21 ga Janairu

Mun kai wa Malam rubutun, wanda yake koyar da mu tattalin arzikin noma. Bai ma buɗe shafin farko ba, na ƙarshe ya juya, ya karanta, ya ɗago kai.

"Nawa kike so?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, duk abin da ya sawwaƙa."

Ya yi dariya har da ajiye biro. Ya ce wannan amsar mai bara ce, kuma mai bara canji ake ba shi. Ya tambaye ni ko na taɓa zuwa wurin kafinta ya ce min kuɗin aikinsa abin da ya sawwaƙa. Na ce ai suna faɗin haka. Ya ce suna faɗa, amma in ba shi ɗari biyar in gani.

Na jima ina juya maganar a hanya. A gida an tarbiyyantar da mu kada mu yanke wa babba kuɗi, musamman mu mata. Idan Baba ya ce nawa ne kuɗin makaranta, sai ka ɗan yi ƙasa da murya, ka ma rage wani abu. Wannan kunyar ce na kwaso na zuba a takarda. Amma alƙalan gasa ba iyayena ba ne. Mutane ne da aka ba su kuɗi aka ce su raba wa ƙungiyoyi da yawa a yini ɗaya, kuma dole su rubuta dalilin da ya sa suka ba wance suka hana wane. Idan ban ba su adadi ba, na ɗora musu aikin da nawa ne, kuma ba za su yi min shi ba.

Shawarar Malam ita ce in ajiye rubutun gaba ɗaya, in fara rubuta jimla ɗaya tak wadda take ɗauke da abu huɗu: nawa muke nema, me za mu saya da shi, me zai fito daga ciki, kuma zuwa yaushe. Sai wannan jimlar ta tsaya da ƙafarta sannan in koma in rubuta sauran. Duk sakin layin da bai taimaka wa alƙali ya yarda da jimlar nan ba, a cire shi, ko da shi ne ya fi daɗin ji.

Da dare na gwada. Na kasa, don ban san ainihin kuɗin da kwando ɗaya yake ci ba a bana. Lissafin bara nake ta ja, kuma komai ya tashi.

Asabar, 25 ga Janairu

Na je gida, Kawu ya raka ni Kwanar Gafan da sassafe. Kwanduna jere a bakin titin Zariya har ido ya gaji, dillalai na ta kai da komo. Mun sayi kwando ɗaya na irin UTC, mai tsoka da ƙarancin ruwa, don shi ya fi kyau da shanya. Naira dubu 12 muka biya bayan Kawu ya yi ciniki. Ya ce in rubuta cewa farashin yau ne, gobe Allah ne masani, idan motocin kudu suka yi yawa zai tashi, idan suka yi ƙaranci sai manomi ya roƙe ka ka ɗauka.

Wannan karon komai sai da na ɗora a sikeli. Kwandon ya yi kilo 50. Da muka tsince ruɓaɓɓu da waɗanda suka fashe a ƙasa, saura kilo 45. Tumatir kusan dukansa ruwa ne, shi ya sa kilo goma sha biyar na ɗanye yake komawa kilo ɗaya na busasshe. Ke nan kwando ɗaya kilo uku yake bayarwa, fakiti talatin. Haka muka samu bara, haka nake sa ran samu ranar Talata idan wannan ya bushe.

Kuɗin mota daga kasuwa zuwa inda akwatin yake, dubu ɗaya da ɗari biyar. Matan da suka wanke suka yanka, dubu ɗaya da ɗari biyar. Leda da takardar suna na fakiti talatin, dubu ɗaya da ɗari biyar. Idan aka haɗa da kuɗin tumatir, kwando ɗaya yana cin naira 16,500. Fakiti talatin a kan naira 800 kuwa dubu 24 ne. Riba a kwando, 7,500. Ba wata babbar riba ba ce, kuma ban sa ladan wahalarmu a ciki ba. Amma a karon farko ina da lambar da idan aka tashe ni cikin dare zan iya kare ta.

Kawu ya ga ina ta rubuce-rubuce a bakin titi, ya ce, "'Yata, duk wannan don maganar minti biyar?" Na ce masa eh, Kawu. Ya girgiza kai, ya ce su a nan cikin minti biyar an sayar da mota guda.

Talata, 28 ga Janairu

Kauɗar ta bushe a kwana uku, kilo uku da ɗan ɗigo. Alhamdulillahi.

Yau muka yi rigimar da ta fi kowacce amfani. Ƙawata ta ce mu nemi miliyan ɗayan gaba ɗaya, tunda ita aka ajiye. Muka gwada cike ta da kaya, sai ga mu muna ƙirƙiro kwamfuta da allon talla da hayar shago, abubuwan da jiya ma ba mu san muna buƙata ba. Duk alƙalin da ya taɓa riƙe kasuwanci zai gane an yi cikon ne don a kai miliyan. Muka bar wannan.

Sai na kawo nawa: dubu 600. Ƙarin akwati huɗu a kan dubu 85 kowanne kamar yadda kafinta ya faɗa mana a makon nan, dubu 340 ke nan. Injin liƙe leda da sikeli mai kyau, dubu 50. Ragowar dubu 210 na tumatir. Ina jin daɗi, don akwati biyar a jere zai yi kyau a hoto.

Ɗan ajinmu ya karɓi takardar ya yi shiru. Can ya ce akwati ɗaya kwando nawa yake ci a mako. Na ce biyu, kwana uku-uku, da kwana ɗaya na wanki. Ya ce to akwati biyar kwando goma ne a mako, dubu 165. Kuɗin tumatir ɗin da na ware zai ƙare a kwana tara. Kuma ba za mu sayar da komai ba sai damina, don a yanzu wa zai sayi kauɗa alhali ɗanye yana arha a kowace kwana? Ke nan daga rana ta goma akwatuna biyar za su zauna fayau suna shan rana har kakar ta wuce.

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sana'ar tamu ba shanya ba ce kawai, ajiya ce. Muna binne kuɗi a watan Maris mu tono shi a watan Yuli, kuma tsakanin nan ba abin da yake shigowa. Abin da ya fi ƙaranci a hannunmu kuɗin sayen tumatir ne, ba katako ba.

Muka sake lissafi daga wannan gefen. Ƙarin akwati biyu kawai, dubu 170, su zama uku. Inji da sikeli, dubu 50. Akwati uku suna cin kwando shida a mako, mako huɗu kwando 24, a kan 16,500 ya kama dubu 396. Jimla dubu 616. Tunda bara kwando ɗaya ya lalace, bana ma mun cire ɗaya tun a takarda, muka yi alkawari a kan kwando 23, wato fakiti 690.

Na ce mu mayar da shi dubu 620 ko 650 ya fi daɗin faɗa. Ɗan ajinmu ya ce a'a, dubu 616 kowa ya ji ya san an zauna an ƙirga. Ga jimlar da muka tsayar:

*Muna neman naira dubu 616, mu ƙara akwatin shanya biyu da injin liƙe leda, mu shanya kwando 24, mu fitar da fakiti 690 kafin ƙarshen Afrilu.*

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yanzu sai rabon lokaci. Na auna bakina. Idan ina zaune ina karatu, ina yin kalma 140 a minti. Idan na miƙe ina kallon mutane, ina sauka wajen 120. Minti biyar ke nan kalma 600 ne idan ban yi numfashi ba. Amma ina so in ba alƙalai kauɗa su taɓa, wannan zai ci rabin minti, kuma ba na so ƙararrawa ta same ni a tsakiyar maganar kuɗi. Don haka na yanka wa kaina kalma 480 zuwa ƙasa, in gama a minti huɗu da daƙiƙa arba'in.

Daga dubu ɗaya da ɗari zuwa 480 ba gyara ba ne, fiɗa ce. Gaisuwa ta koma sallama kaɗai. Na ji nauyin wannan, na tambayi Malam ko ba za a ce ba ni da tarbiyya ba. Ya ce mai gabatarwa ya riga ya gaishe da kowa a madadina, kuma alƙalin da ya ji "manyan baƙi" sau goma sha biyar tun safe zai gode min. Madatsar Tiga ta fita. Tsutsar 2016 ta fita. Legas ta fita. Akwai wani adadi da na ɗauko a intanet na yawan tumatir ɗin da yake ruɓewa a ƙasar nan duk shekara, shi ne ma na buɗe rubutun farko da shi. Shi ma na cire, don idan aka ce wa ya ƙirga, ba ni da amsa, kuma na tabbata duk wanda zai yi maganar noma a ranar da irinsa zai fara. Kilo biyar ɗin da na tsince da hannuna daga kwando ɗaya ya fi min shi.

Wanda ya fi min ciwo shi ne bayanin yadda akwatin yake aiki, yadda baƙin fenti yake kama zafi, iska mai zafi ta tashi ta ratsa farantai ta fita da danshi ta sama. Sakin layi biyu na yi a kai, don nan ne nake jin ni ɗalibar noma ce. Ya koma jimla biyu da hoto ɗaya a majigi. Wanda yake son ƙari zai tambaya.

Sai batun inda za a sa buƙatar. Kowa a ƙarshe yake sa ta, kuma a ƙarshe ne lokaci yake ƙarewa. Na yanke shawarar faɗin adadin sau biyu: sau ɗaya a cikin minti na farko, a taƙaice, don alƙali ya san da wane kunne zai saurari sauran, sannan cikakke a minti na huɗu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na gwada a gaban Hajiya mai abinci ta bayan ɗakunan kwananmu, wadda ita kaɗai ta sayi fakiti talatin bara. Tana juya miya tana ji. Da na zo wurin da na ce kauɗarmu tana da inganci da tsafta, ta ɗaga ludayi ta ce, "Ke 'yar nan, kowa haka yake cewa. Ki ce musu ba na wanke ta sau uku." Ta ce ta kasuwa sai ta jiƙa, ta tsiyaye, ta sake, ta sake, kuma duk da haka wani lokaci mai cin abinci ya tauna yashi ya dawo mata da faranti. Na roƙe ta izinin faɗin wannan a gasa ba tare da sunanta ba, ta ce in faɗa.

Ta kuma kama ni da wani abu. Wai da na zo maganar kuɗi muryata ta shige ciki, na sunkuyar da kai, na ce "muna roƙon". A takarda "muna neman" na rubuta, bakina ne ya canza shi da kansa. Tun daga nan nake maimaita jimlar ita kaɗai sau goma kullum bayan sallar asuba, ina kallon ƙofar ɗaki kamar mutum ce.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ga rubutun yadda yake a yanzu.

*Assalamu alaikum. Faranti biyu ne a gabanku, duk kauɗa ce, duk daga tumatirin Kadawa. Don Allah ku ɗebi ta hagu ku murza a tafin hannu.*

A nan zan yi shiru har sai kowa ya taɓa.

*Abin da kuka ji yana ƙaras-ƙaras yashi ne. A kasuwa muka sayo ta, a ƙasa aka shanya ta. Yanzu ku murza ta dama. Wannan tamu ce, kuma mun zo neman naira dubu 616 don mu yi fakiti 690 irinta a bana.*

*A gidan manoman tumatir na tashi, a Kura. Da rani tumatir yana yawa har manomi ya rasa mai saye. Da damina kuma uwar gida ta je kasuwa ta dawo da guda biyar a leda. Kauɗa ce take haɗa waɗannan lokuta biyu, kuma iyayenmu sun daɗe suna yin ta. Matsalarta ƙasa da ƙura da ƙuda. Wata mai sayar da abinci ta gaya min sai ta wanke ta kasuwa sau uku kafin ta sa a tukunya.*

*Wannan hoton akwatinmu ne. Katako ne da raga da leda, ba ya shan wuta, ba ya shan mai. Rana tana shiga, danshi yana fita, ƙura da ƙuda suna waje. Yana busar da kwando ɗaya a kwana uku.*

*Ba yau muka fara ba. Bara mun shanya kwando biyar. Na farko ya yi fumfuna, don mun yanka da kauri kuma mun toshe ƙofar iska. Mun gyara, huɗun da suka biyo baya ba wanda ya lalace. Sun ba mu fakiti 120. Mun ajiye zuwa Yuli, muka sayar a kan naira 800 ga masu abinci uku da ɗalibai, suka ƙare a mako uku. Masu abincin nan uku duk sun dawo neman ƙari, ba mu da shi.*

*Ga lissafin kwando ɗaya a farashin watan jiya a Kwanar Gafan. Tumatir da mota da yanka da leda, naira 16,500. Yana ba da fakiti talatin, dubu 24. Riba 7,500.*

*Abin da ya tsayar da mu ba masu saye ba ne. Muna sayen tumatir da rani, kuɗinmu ba ya dawowa sai damina, kuma aljihun ɗalibi ba ya iya wannan jiran.*

*Don haka muna neman naira dubu 616. Dubu 220 na kayan aiki ne: ƙarin akwati biyu, injin liƙe leda da sikeli. Dubu 396 na kwando 24 ne, shida a mako har mako huɗu. Mun cire kwando ɗaya saboda asara, muna alkawarin fakiti 690 kafin ƙarshen Afrilu. Idan muka sayar da damina, dubu 396 ɗin nan zai dawo dubu 552, kuma da shi za mu shiga kaka mai zuwa ba tare da mun sake neman kowa ba. Kayan aikin ba za su biya kansu a bana ba, sai baɗi.*

*Ranar ƙarshe ta Afrilu za mu kawo wa ofishin gasar nan rasiɗai da fakitin a ƙirga. Naira dubu 616, fakiti 690, ƙarshen Afrilu. Na gode.*

Na gwada sau uku: minti huɗu da daƙiƙa 20, huɗu da 35, huɗu da 30. Akwai sauran wuri, amma ba zan cike shi ba. Ban san tsawon lokacin da alƙalai za su ɗauka suna murza kauɗa ba.

Mun yi gardama a kan jimlar fumfuna. Ƙawata ta ce don me za mu tona wa kanmu asiri. Ni kuma ina ganin ita ce jimlar da ta fi nuna cewa da hannunmu muka yi aikin. Wanda ya kwafo sana'a daga takarda bai san kaurin yanka yana kawo fumfuna ba. Haka ma maganar cewa kayan aiki ba za su biya kansu a bana ba. Duk mai lissafi zai ga mun nemi 616 kuma 552 ne zai dawo. Gara in faɗa da bakina kafin ya ɗaga hannu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Malam ya zauna a matsayin alƙali, ya yi mana tambayoyi babu sassauci. Ta farko: me zai sa mace ta bar tumatirin leda na kanti, mai arha, ta sayi namu? Amsar da muka tsayar ita ce ba mu zo korar na leda ba, masu abincinmu suna haɗa su ne, kauɗa ce take ba miya jiki, kuma fakiti ɗaya namu madadin kilo ɗaya da rabi ne na ɗanye a lokacin da ɗanyen ya fi tsada. Ta biyu: idan kwando ya koma dubu 18 a watan Maris fa? Mun ce za mu rage yawan kwanduna, ba za mu dawo neman ƙari ba, kuma idan ya kai dubu 19 da ɗari biyar riba ta ƙare, sai mu tsaya da saye. Ɗan ajinmu ne ya fitar da wannan iyakar, kuma Malam ya ce ita ce amsa mafi kyau da ya ji a ranar.

Ta uku ce ta kayar da mu. Ya ce abinci ne a fakiti mai suna, ina lambar NAFDAC? Ba mu da ita, ba mu ma yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ba. Bara hannu da hannu muka sayar wa mutanen da suka san mu. Ya ce kada mu yi kwana-kwana, mu ce ba mu da ita, mu ce shi ya sa ba mu yi alkawarin shiga kantuna a bana ba, kuma rajistar tana cikin abin da ribar damina za ta fara yi. Ya hana mu cusa kuɗinta a cikin dubu 616 tunda ba mu je mun tambayo ba.

Ƙawata ta so mu ƙara buƙata ta biyu, a haɗa mu da masu dafa abincin makarantun kwana. Buƙata ce mai kyau, amma idan aka nemi abu biyu, mai bayarwa yakan zaɓi mai sauƙin ya ce ya taimaka. Mun ajiye ta sai in wani ya tambaya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Mu ne na goma sha ɗaya. Kafin mu, ƙungiyoyi uku ƙararrawa ta katse su ba su kai ga kuɗi ba, wata kuma da aka tambaye ta nawa take nema sai mutum biyu suka faɗi adadi daban-daban a lokaci guda.

Majigi ya ƙi nuna hoton akwatin, sai na kwatanta da hannu na wuce. Wata alƙaliya ta daɗe tana murza kauɗar hagu, har ta kai hanci ta shinshina, ni kuwa ina jin daƙiƙu suna zuba. Na gama a minti huɗu da daƙiƙa 52. Ƙawata ta ce da na zo kan dubu 616 ban sunkuya ba, amma na riƙe gefen hijabina kamar zan yage shi.

Tambayar NAFDAC ta zo, na amsa yadda muka shirya. Wadda ba mu shirya ba daga wani dattijo ɗan kasuwa ta fito. Ya ce fakiti 690 daga Afrilu zuwa Yuli a ina za su kwana, kuma me zai hana su jan danshi idan ruwa ya sauka? Na ce bara a cikin bokitin roba mai murfi muka ajiye a ɗakin Inna. Ya ce 120 ne suka shiga bokiti, wannan kusan kilo saba'in ne. Na ce gaskiya ne, Alhaji, ba mu sa shi a lissafi ba. Ya rubuta wani abu.

Da yamma aka liƙa sunayen ƙungiyoyi biyar da za su dawo ranar 27, muna ciki. An ce ana iya gyara buƙata kafin ranar. Gobe bayan lacca ni da ɗan ajinmu za mu shiga kasuwa mu tambayo kuɗin durom ɗin roba mai murfin da yake kamewa, mu ga guda nawa kilo saba'in zai ci. Idan adadin ya canza, wuri uku zan gyara a rubutun, kuma sai na sake koya wa bakina sabuwar lambar kafin Alhamis.